Ribar kashi 30 duk wata: yadda ake gane asusun damfara kafin a zuba kuɗi

'Yan uwa mazauna sansani, a wannan fitowar za mu yi magana a kan wani tayi da ke yawo a kasuwanni da wayoyin salula. Wani zai zo ya ce ku kawo sefa 10,000, duk ƙarshen wata a ba ku 3,000 riba, uwar kuɗinku kuma tana nan ba ta taɓu ba. Sau da yawa mai kawo maganar ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan garinku da kuka yi gudun hijira tare, kuma da gaske an biya shi sau ɗaya ko sau biyu, yana iya nuna muku kuɗin a hannu. Abin da ya sa tayin ke da wuyar ƙi ke nan. Za mu bi lissafin tare da ku daki-daki, domin kowa ya ga daga inda wannan riba ke fitowa da kuma inda take ƙarewa.

Abin da ya faru da MMM

Da yawa daga cikinmu da suka fito daga Najeriya sun san sunan MMM. Wani ɗan ƙasar Rasha mai suna Sergei Mavrodi ne ya kafa shi. Ya fara yi a ƙasarsa, asusun ya rushe a 1994, mutane masu ɗimbin yawa suka rasa abin da suka tara, daga baya kotu ta same shi da laifin zamba aka ɗaure shi. Da ya fito sai ya sake buɗe harkar ta intanet, ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har ta cika Najeriya a 2016.

Alkawarin MMM shi ne ribar kashi 30 cikin 100 a kwana 30. Ba su kira abin zuba jari ba, sun kira shi taimakon juna. Mutum zai "ba da taimako", wato ya tura kuɗi zuwa asusun bankin wani ɗan ƙungiyar da aka haɗa shi da shi, bayan wata guda kuma ya "nemi taimako", a sa wasu sababbi su turo masa kuɗinsa da ƙarin kashi 30. Wanda ya kawo sabon mutum yana samun lada a kan abin da sabon ya zuba. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, amma mutane suka ce ai ana biya, hassada ce kawai.

A tsakiyar Disamba 2016, daidai lokacin da jama'a ke son cire kuɗi domin hidimar ƙarshen shekara, MMM ya sanar da cewa ya dakatar da biyan kuɗi na wata guda. An sake buɗewa a Janairu 2017, amma akasarin masu kuɗi a ciki ba su ƙara ganin kuɗinsu ba. Hukumar inshorar kuɗin ajiya ta Najeriya, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi asarar kusan naira biliyan 18. Mavrodi ya mutu a 2018, amma dabarar ba ta mutu ba. Tana sauya suna da riga: yau a ce kiwon kaji ne, gobe a ce cinikin zinariya, jibi a ce kuɗin intanet ko canjin dala. Abin da ke ƙarƙashi ɗaya ne, kuɗin sababbin shiga ake ɗiba a biya tsofaffi.

Mu buɗe akwatin mu gani

Mu ɗauka wani mutum ya buɗe irin wannan asusu a kasuwar da ke kusa da sansani. Mu kira shi mai asusu. Mutum 100 suka ba shi sefa 10,000 kowannensu. Yanzu akwatinsa na ɗauke da sefa miliyan 1. Ya yi alkawarin 3,000 ga kowa duk wata, wato 300,000 ke nan zai riƙa fitarwa.

Idan ba wanda ya ƙara shiga, kuma ba wata sana'a da yake yi da kuɗin, ga abin da zai faru. Ƙarshen wata na farko ya biya 300,000, saura 700,000. Wata na biyu ya biya, saura 400,000. Wata na uku ya biya, saura 100,000. A wata na huɗu ba zai iya biya ba. Ku lura da kyau: a cikin wata ukun nan kowa ya karɓi 9,000 yana murna ya ci riba, alhali kuɗinsa ne ake mayar masa kaɗan-kaɗan. Da ya je neman uwar kuɗinsa 10,000, abin da ya rage masa a akwatin bai wuce 1,000 ba.

Mai asusu ya san haka, saboda haka ba zai zauna jiran wata na huɗu ba. Zai nemi sababbin mutane. Domin ya biya 300,000 na watan farko ba tare da ya taɓa miliyan ɗin ba, yana buƙatar mutum 30 su kawo 10,000 kowannensu. Ya same su, ya biya, kowa ya yaba. Sai dai yanzu mutum 130 ke jiran riba, wato 390,000 a wata na biyu, sai ya samo sababbi 39. A wata na uku masu jira sun zama 169, abin biya ya haura 500,000, sai ya samo kimanin 51. Haka nauyin ke ƙaruwa duk wata. Idan aka bi lissafin har wata 12, sai an sami kimanin mutum 2,300 a ciki kafin asusun ya ci gaba da numfashi.

Yanzu ku dubi akwatin a ƙarshen shekarar. A takarda, mutum 2,300 na bin mai asusu uwar kuɗi sefa miliyan 23. A zahiri, duk abin da sababbi suka kawo an riga an rabar da shi da sunan riba. Abin da zai iya ragewa shi ne miliyan 1 na farko, shi ma in mai asusu bai ci ba, bai sayi babur ba, bai gina gida a wani gari ba. Ko da mai asusu mutumin kirki ne da bai yi niyyar gudu ba, ba shi da abin da zai biya. Rushewar tana cikin lissafin tun ranar farko, lokacinta kawai ake jira. Ranar da sababbin shiga suka ragu, ko mutane da yawa suka zo neman uwar kuɗinsu a lokaci guda, kamar gab da salla ko lokacin sayen iri, ranar asusun ke faɗuwa.

Irin wanda ake cewa ka kawo mutum uku

Akwai wani nau'in da ba ya ɓoye cewa da mutane ake samun kuɗi. Za a ce ku biya kuɗin rajista, sannan ku kawo mutum 3, su ma kowannensu ya kawo 3, idan layinku ya cika a ba ku kuɗi mai tsoka. Wani lokaci ana haɗawa da ɗan kaya, kamar sabulu, maganin ƙarin ƙarfi ko katin waya, domin abin ya yi kama da ciniki. Ana kiran wannan tsarin dala, saboda samansa tsini ne, ƙasansa faɗi.

Mu ƙirga. Mutum 1 ya kawo 3. Su ukun sai sun kawo 9, taran sai sun kawo 27, daga nan 81, sai 243. A hawa na 11 kaɗai ana buƙatar mutum 59,049, adadin da ya kai na babban sansani sukutum, har da jarirai da tsofaffi. Mutanen da ke da kuɗin rajista suna ƙarewa tun kafin a kai nan. Kuma a duk hawan da abin ya tsaya, mutanen hawan ƙarshe, waɗanda suka biya amma ba su sami wanda za su kawo ba, su ne kusan kashi biyu cikin uku na duk waɗanda suka shiga. Lokacin da tayin ya iso kunnen talaka a sansani, na sama sun daɗe da cika wurarensu, gurbin ƙasa ne kawai ya rage.

Hanyar gane wannan mai sauƙi ce. Ku tambaya: idan ban kawo kowa ba, na tsaya sayar da kayan kawai, zan ci riba? Ku kuma duba ko akwai wanda ke sayen kayan a wannan farashi alhali shi ba ɗan ƙungiya ba ne. Idan sabulun ya ninka na kasuwa tsada kuma 'yan ƙungiya ne kaɗai ke saye, to sabulun mayafi ne, ku ne hajar.

Me ya sa kafaffiyar riba ita ce babbar alama

Wani zai ce mai ƙosai ko mai busasshen kifi na iya juya 10,000 ya sami 3,000 a wata, to mene ne abin mamaki? Gaskiya ne, ƙaramar sana'a na iya ba da haka. Amma duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san abu biyu. Na farko, a cikin ribar akwai ladan guminsa, tashin asuba da zaman rana. Na biyu, ribar ba ta zama daidai duk wata. Wata rana wake ya yi tsada, wata rana ruwan sama ya hana kasuwa ci, wata rana a rufe hanya, wata rana akuya ta mutu. Sana'a ta gaskiya tana hawa tana sauka. Wanda ya ce muku ribarsa 3,000 ce cif duk wata, rani da damina, kuma babu faɗuwa ko kaɗan, ba lissafin sana'a yake ba ku ba.

Ga wani gwajin. Idan aka bar 10,000 tana ƙaruwa da kashi 30 duk wata ba a cire komai ba, a shekara guda za ta zama kimanin 233,000. A shekara biyu ta wuce miliyan 5. A shekara uku ta wuce miliyan 120. Da akwai sana'ar da ke yin haka, da manyan attajiran Kano da Maraɗi da Marwa sun rufe shagunansu sun koma can.

Sannan ku tambayi kanku dalilin da ya sa mai irin wannan sana'a zai zo neman 10,000 a hannun ɗan gudun hijira. A Nijar, alal misali, ruwan da doka ta yarda banki ko ƙaramar cibiyar lamuni su ɗora wa bashi bai kai kashi 30 a shekara guda cur ba. Mai sana'ar gaske zai je can ya ci bashi mai sauƙi, ya riƙe sauran ribar. Wanda ya zaɓi ya biya ku kashi 30 a wata ya yi haka ne don banki zai nemi ganin littafin cinikinsa, ku kuma yana fatan ba za ku nema ba.

Bambancinsa da adashe da asusun mata

Masu wannan harka suna son cewa ai kamar adashe ne. Ba haka ba ne. A adashe, mata 10 na zuba 1,000 duk mako, kowace ta kwashi 10,000 idan layinta ya zo. Ba wadda ke kwasar fiye da abin da za ta zuba, ba a buƙatar sabuwar fuska kafin a biya ta yau, kuma kowa ta san ranar da zagayen zai ƙare.

Haka ma ƙungiyoyin ajiya da lamuni irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Nijar a 1991. A irin waɗannan ƙungiyoyi akan sami ƙari a ƙarshen zagaye, amma kowa ta san tushensa: 'yar ƙungiya ta ci bashi ta yi sana'a ta mayar da ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ana ƙirga kuɗin a gaban kowa a ranar taro, akwatin yakan kasance da kwado fiye da ɗaya, makullan na hannun mutane daban-daban, kuma ba a san yawan abin da za a raba ba sai ranar fasa asusu. Ma'aunin ke nan: idan kuna iya ganin kuɗin da idonku, kuna iya faɗin inda ƙarin ya fito, kuma ba sai an kawo sababbi za a biya ku ba, to ajiya ce. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ku dakata.

Hujjojin da za a nuna muku

Hujja ta farko ita ce "ga wane an biya shi". Mun riga mun ga cewa biyan na farko-farko ba ya nuna gaskiya, domin shi ne tallar asusun. Mai asusu na kashe 3,000 a kan mutum ɗaya don ya jawo goma masu 10,000. Ko ku da kanku kuka gwada da ɗan kaɗan aka biya ku, ba hujja ba ce. Yawancin manyan asarori daga nan suke farawa: mutum ya gwada da 5,000, aka biya shi, sai ya sayar da akuya ko keken ɗinki ya zuba duka.

Hujja ta biyu takarda ce mai hatimi. Takardar rajistar kamfani tana nuna cewa an rubuta sunan kamfanin ne kawai, ba izinin karɓar ajiyar jama'a ba ce. Karɓar ajiya na buƙatar lasisi na daban daga hukumomin kuɗi na ƙasar da kuke zaune. Idan an nuna muku takarda, ku nemi kwafinta ko ku ɗauki hotonta, ku kai wa ma'aikatan sashen sana'o'i ko na kariya su duba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Hujja ta uku lambobi ne a fuskar waya. Manhaja za ta nuna cewa kuɗinku sun zama 13,000, gobe 16,900. Wannan rubutu ne da mai manhajar ke iya sauyawa yadda ya ga dama. Kuɗi ba su zama naku ba sai sun shigo hannunku.

Hujja ta huɗu mutum ne mai daraja: shugaban unguwa, malami, fasto ko wani dattijo da aka sa a gaba. Da yawansu su ma yaudararsu aka yi, aka fara biyansu da gangan domin jama'a su biyo bayansu. Girmama babba daban, ba da kuɗi daban. Haka kuma idan aka ce wata hukumar agaji ce ke bayan asusun, ku zo ofis ku tambaya. Rajista da taimakon da hukumomin agaji ke bayarwa kyauta ne, kuma ba ma karɓar kuɗin kowa don mu juya masa.

A ƙarshe akwai gaggawa da sirri: "gurbi ya kusa cika", "yau ce rana ta ƙarshe", "kada ka gaya wa maigidanki", "kada jami'ai su ji". Ana hanzarta ku ne don kada ku sami lokacin yin lissafin da muka yi a sama.

Alamomin cewa asusu ya kusa faɗuwa

Ga wanda ya riga ya shiga, akwai alamomin da kan zo kusan a jere. Biya ya fara jinkiri, a ce matsalar layin waya ce ko ana gyaran manhaja. Sai a sa iyaka a kan abin da za a iya cirewa a rana. Sai a ƙara riba, daga kashi 30 zuwa 50, ga duk wanda ya yarda ya bar kuɗinsa wata uku. Sai a ce ba za a biya mutum ba sai ya kawo sabo. Duk waɗannan na nufin abu ɗaya: kuɗin da ke shigowa ya kasa na fita. Ƙarin ribar da ake yi a wannan lokaci kiran ƙarshe ne na tara abin da za a gudu da shi.

Bayan faɗuwa kuma akwai tarko na biyu. Za a turo saƙo a ce ku biya wani ɗan kuɗi don a "buɗe" asusunku ko a "tantance" ku, ko wani ya zo ya ce zai karɓo muku kuɗinku in kun ba shi na mota. Kada ku biya. Wanda ke riƙe da kuɗinku da gaske zai iya cire ladansa daga ciki, ba sai kun ƙara masa ba.

Abin da ya kamata a yi

Idan tayi ya zo muku, ku ce za ku yi shawara, ku bar shi ya kwana bakwai. Ku yi tambaya uku: wace sana'a ake yi da kuɗin kuma ina zan je in gan ta, me zai faru idan an faɗi, kuma za a biya ni ko da ba wanda ya ƙara shiga? Kada ku ba da katin rabon abinci, takardar shaidar gudun hijira ko lambar sirrin asusun wayarku a matsayin jingina ko rajista. Kada ku sayar da abincin iyali ko ku ci bashi don ku zuba.

Idan kun riga kun zuba, kada ku ƙara ko dala, ku nemi uwar kuɗinku yanzu, kuma ku daina gayyatar kowa. Wannan na ƙarshe yana da nauyi. Ranar da asusu ya rushe, mai asusu ba ya nan, wanda ake gani shi ne wanda ya kawo maganar. Ƙofarsa za a zo bugawa, zumuncinsa ne zai lalace, kuma yana iya fuskantar tuhuma a gaban hukuma ko da shi ma ya yi asara.

Ku adana duk wata shaida: rasit, saƙonnin tura kuɗi, lambobin waya, ranaku da adadin da kuka ba da, da sunan wanda ya karɓa. Ku kawo rahoto teburin kariya, ko ku saka a akwatin ƙorafi idan ba ku son a san ku, ko ku sanar da kwamitin shugabannin sansani. Ma'aikata za su iya raka ku wurin 'yan sanda ko jandarmomi. Ba za mu yi muku alkawarin cewa kuɗin za su dawo ba, domin akasari an riga an rabar da su ko an gudu da su. Amma rahoton da aka kawo da wuri yana iya hana iyalai da yawa zubawa a mako mai zuwa, kuma kawo rahoto ba ya taɓa rajistarku ko rabonku.

Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan shafi, musamman lissafin akwatin mutum 100. Duk ƙungiyar mata ko ta matasa da ke son a zo a yi mata lissafin a fili da tsakuwa ko ƙwayar wake, ta sanar da ma'aikacin unguwarta, za mu sa rana.